Akuyata na gudu a wayata amma tana rarrafe a wayar ƙanena, in kulle firem a 30 ko in sake kod ɗin?

Mai_Akuya: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa wani ɗan gem a Unity wata biyar kenan, akuya ce ke gudu tana tsallake katanga. A wayata lafiya lau, na sa Application.targetFrameRate = 60 kuma tana kaiwa. Jiya na tura wa ƙanena, wayarsa ƙarama ce mai ram 2, wallahi sai na ga akuyar kamar a cikin taɓo take tafiya, firem ɗinsa bai wuce 24 a sakan ba. Ga layin da ke tafiyar da ita cikin Update:

```
transform.position += Vector3.right * 0.1f;
```

Irin wannan rubutun yana cikin fayil kusan goma sha takwas, har da tsalle da katangu da kyamara. Tambayata ita ce in kulle gem ɗin a 30 kowa ya huta, ko in bi su ɗaya bayan ɗaya in gyara? Sati biyu ya rage in nuna shi, kuma da rana ina shago, da dare kawai nake samun zama.

Dogo_GSM: Wa alaikumus salam. Ka ce ƙanen naka ya goge hotuna da bidiyo, waya in ta cika haka take yi. Ko ka kawo ta a yi mata filashin.

Yar_Zariya: Malam Dogo ba wayar ce ta lalace ba, karanta tambayar mana. Mai Akuya duba lissafinka, kana matsar da ita 0.1 duk lokacin da aka zana hoto ɗaya. A wayarka ana zanawa sau 60, wato taku 6 a sakan. A ta ƙanenka sau 24, taku 2.4 kenan, ko rabi bai kai ba. Ka daina gaya mata nawa za ta matsa a kowane firem, ka gaya mata nawa za ta yi a sakan guda:

```
transform.position += Vector3.right * 6f * Time.deltaTime;
```

Time.deltaTime shi ne lokacin da ya wuce tun firem ɗin baya, a wayarka wajen 0.0167, a tasa wajen 0.0417. Mai jinkiri takunta kaɗan ne amma manya, mai sauri takunta da yawa amma ƙanana, in sakan ya cika duk suna kan 6. Kuma kullewa a 30 ba za ta fishshe ka ba, targetFrameRate rufi ne ba ƙasa ba, yana hana mai sauri wucewa amma ba ya ɗaga wadda ke 24 ta kai 30.

Ɗan_Damagaram: Ni dai kullewa na yi a 30 a nawa gem ɗin kuma har yau ba wanda ya kawo ƙara.

Yar_Zariya: Naka ba na dara ba ne? Ai ba abin da ke gudu a ciki yaya, ko firem goma ne ɗan dara zai isa gidansa. Kuma ka gwada da azahar a watan Afrilu, wayar da ke ba ka 30 da safe in ta ɗau zafi ita da kanta take rage ƙarfin furosesa, sai ka ga ta sauko.

Tsohon_Hannu: Ƙanena ka ji nawa labarin kafin ka taɓa komai, don har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba ni aikin gem na lissafi ga yara, mota ce ke tafe yaro ya zaɓi amsa kafin ta kai mahaɗa. A Godot na yi, ina ƙara wa position.x biyar a cikin _process ba tare da delta ba, na gwada a waya uku duk masu 60, komai daidai. Ranar nunawa mai makarantar ya ce a sa masa a tasa wayar, sabuwa dal mai sikirin 120Hz, ni kuma ban san injin zai bi saurin sikirin ɗin ba. Motar ta ninka gudu, kafin ya gama karanta tambaya ta wuce, sau uku yana faɗuwa a lissafin 'yan aji biyu a gaban malamansa, sai ya ajiye wayar ya ce wannan ai ba na yara ba ne.

Na roƙi kwana ɗaya, na koma gida a ruɗe na bi ko'ina na ninka da delta, ko'ina fa, har da saurin da nake miƙa wa move_and_slide. Ashe shi move_and_slide da kansa yake ninkawa a ciki, sai ya zama na ninka sau biyu, saurin 300 ya koma 5. Gari na wayewa ban gwada duka matakan ba na kai, aka buɗe mataki na biyu inda na yi amfani da shi, motar na tsaye tana ɗan motsi kamar tururuwa. Daga nan mutumin ya daina ɗaga wayata, kafin alƙalami kawai na ci, sauran kuɗina har yau shiru, kuma na yi wata biyu ina kwana kan aikin nan ina sayen fetur ɗin janareto da kuɗina, matata ma ta sha gaya min in rubuta yarjejeniya ban ji ba don a ganina malamin makaranta ba zai yi haka ba.

Dogo_GSM: Allah Ya mayar da alheri oga. Amma fa mai makaranta da faɗuwa a lissafin aji biyu, ko a firem 10 aka ba shi sai a hankali 😂

Bahaushen_Kumasi: Nawa ne sauran kuɗin? Ni da ni ne sai na kai shi wajen mai unguwa.

Tsohon_Hannu: An wuce wurin. Abin da nake so yaron nan ya ɗauka, kar ya yi ninkin makanta. A Unity ma haka ne, in ka ba Rigidbody2D velocity kar ka ninka da deltaTime, injin ne ke yi. Inda kake matsar da transform da hannunka ake ninkawa.

Mai_Akuya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Daren jiya na gyara gudu da katangu, yanzu wayoyin biyu tare suke isa ƙarshen mataki, na auna da agogo. To amma wata sabuwa ta fito, akwai doguwar katanga mai tsawon 2.35, a wayata akuyar na haye ta, a ta ƙanena kullum sai ƙafarta ta taɓa. Kuma na sa deltaTime ɗin fa:

```
vy -= 20f * Time.deltaTime;
y += vy * Time.deltaTime;
```

Tana tashi da vy = 10.

Kodin_Dare: Kwashe komai ka zuba a FixedUpdate, magana ta ƙare. Shi sau 50 yake gudu a sakan ko wace waya ce.

Yar_Zariya: Rabin gaskiya ne wannan. Tsallen zai daidaita, amma in ya kwashe har da karanta taɓa sikirin, wata taɓawar za ta riƙa ɓata masa don Input da Update yake tafiya, kuma 50 da 60 ba sa haɗuwa, sai akuyar ta riƙa ɗan karkarwa in bai kunna Interpolate ba, shi kuma sai da Rigidbody. Mai Akuya matsalarka ita ce saurin yana canzawa a tsakiyar firem, kai kuma kana rage shi gaba ɗaya tukuna sannan ka yi tafiya da ragaggen. A takarda tsallen ya kamata ya kai 10 sau 10 raba 40, wato 2.5. Da kod ɗinka, a firem 60 yana kaiwa wajen 2.42, a 30 wajen 2.33, a 24 wajen 2.29. Ka ga katangarka ta 2.35 ta faɗo daidai tsakani, shi ya sa kai kake wucewa shi yake karo. Duk tsawon lokacin da firem ya ɗauka, haka asarar ke girma. Gwada wannan:

```
float dt = Time.deltaTime;
y += vy * dt - 0.5f * 20f * dt * dt;
vy -= 20f * dt;
```

Tunda nauyin da ke jan ta ƙasa ba ya canzawa, wannan zai bi hanya ɗaya a kowace waya. Sai dai tsallenka zai ɗan ƙaru zuwa 2.5, ka sake duba tsayin katangun.

Kodin_Dare: Hajiya gem nawa kika fitar? Ni uku nake da su a waje, lissafin allo daban aiki daban. Da zarar ya ƙara abu mai turo akuyar ko iska, wannan dabarar taki ta watse, dole ya dawo FixedUpdate.

Yar_Zariya: Ko ɗaya ban fitar ba, koyarwa nake yi, kuma ban ce ƙarya kake ba. In gem ɗin zai girma hanyarka ce daidai. Amma mutum ya ce sati biyu gare shi da dare kawai, layi uku ya fi masa sake ginin tsalle gaba ɗaya.

Tsohon_Hannu: Ni da na ƙone ina bayan duk wanda ya ce a gwada. Ka sa maɓalli na ɓoye da zai canza targetFrameRate zuwa 15, 30, 60, ka buga kowane mataki a ukun. Kuma ka nemi ƙaramar waya ta hannu ka ajiye don gwaji kawai, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano dubu ashirin da biyar za ka samu.

Dogo_GSM: Dubu ashirin da biyar a wace shekarar oga? Mai ram 2 da sikirin ɗinta bai fashe ba, ƙasa da arba'in da biyar ba ka ɗauka.

Ɗan_Damagaram: Nan wajenmu jaka goma sha biyar na sayi tawa, amma batirin sai a hankali.

Dogo_GSM: Jakar sefa ko ta naira? Ku kullum sai kun rikita mana lissafi.

Mai_Akuya: Ai ga ta ƙanena kyauta. Malama tsallen ya daidaita, na gode. Saura kyamara, tana bin akuyar da Lerp na 0.1f kuma a wayarsa baya take zama sosai, shi ma deltaTime zan ninka?

Bahaushen_Kumasi: Kai ka yi sa'a ƙanenka na gaya maka gaskiya. Ni mutum tara na tura wa nawa, abokai da 'yan uwa, kowa ya ce ma sha Allah ya yi kyau, da na bincika biyu ne kawai suka buɗe, ɗaya ma cewa ya yi in turo masa kuɗin data tukuna.

Kodin_Dare: Wannan ita ce babbar cutar. Ka ce mutum ya gaya maka inda ya maƙale, sai ya turo maka hoton babban yatsa. Nawa ƙanen matata ne ya yi sati da gem ɗin da ba ya wuce shafin farko a wayarsa, bai faɗa ba wai kar in ji ba daɗi.

Tsohon_Hannu: Yara 'yan firamare su ne masu gwaji na gaskiya, minti ɗaya za su ce maka kawu wannan ba daɗi su miƙo maka wayarka. Da na ba yaran maƙwabta wancan gem ɗin kafin in kai makarantar nan, da wayar babansu ma mai 120 ce.

Mai_Akuya: Jama'a maganar kyamarar fa?

Bahaushen_Kumasi: Turo min gem ɗin in gwada maka a tawa, amma sai gobe, yau ba mu da wuta tun asuba.