Kwana 9 ina jiran kuɗina, dillalan nan duk ɓarayi ne

Nasiru: Na zuba dala 500 a wurin wani dillalin cinikin kuɗaɗen waje, suka ƙara mini bonas na dala 250. Na ci riba, na nemi cire dala 300, yau kwana 9 shiru. Kuma a shafinsu an rubuta suna da lasisin FCA, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya, kuma ba sa karɓar la'ada. Dukkansu ɓarayi ne. Wa zan koma wa?

Auwalu: Dukkansu? Ka janye wannan kalmar. Shekara uku ina tare da nawa, ban taɓa wuce awa 48 ina jiran kuɗi ba.

Nasiru: Wanda ya riƙe maka haƙƙinka ba da yardarka ba, me sunansa?

Auwalu: Ɓarawo shi ne wanda ya ɗauka a ɓoye. Kai da hannunka ka danna ka yarda da sharuɗɗan da ba ka karanta ba.

Malam Bashir: Ku dakata. Nasiru, bonas ɗin nan shi ya fi ɗaukar mini hankali. Hukumar FCA ta Birtaniya ta hana ba ƙananan 'yan kasuwa irin wannan kyauta, kuma ta taƙaita rancen ciniki a 1:30, wato cinikin dala 30 kan kowace dala 1 taka, kan manyan kuɗaɗe kamar yuro da dala, EUR/USD. Nawa suka ba ka?

Nasiru: 1:500, Malam.

Malam Bashir: To asusunka ba ya ƙarƙashin FCA. Suna ɗaya kan ƙunshi kamfanoni uku ko huɗu: ɗaya a Birtaniya, ɗaya a Cyprus, ɗaya a Seychelles ko wani tsibiri. Lasisin da suke nunawa na na farkon ne, kai kuwa sun yi maka rajista a na ƙarshen. Buɗe yarjejeniyar da ka amince da ita, ka ga cikakken sunan kamfanin da ke ciki, sannan ka nemi wannan sunan a rajistar hukumar da kanta. Bambancin ba ƙarami ba ne. In kamfanin Birtaniya ya durƙushe, asusun diyya na FSCS na biyan wanda ya cancanta har fam 85,000. Wannan kariyar ba ta bin ka zuwa tsibiri. Kuma irin wannan bonas yakan zo da sharaɗin sai ka yi cinikin lot kaza, wato ma'aunin girman ciniki, kafin a sakar maka kuɗi. Duba ko shi ne ya tsare ka.

Nasiru: Su nuna lasisin da bai shafe ni ba, ai wannan ma sata ce.

Rabi'atu: Ni ma an taɓa riƙe mini mako biyu. Ashe da kati na zuba, na nemi a turo ta asusun banki mai sunan mijina. Da na gyara, washegari ya shigo.

Auwalu: Ka ji. Ita ma ɓarayin ne suka maido mata?

Sadiq: Auwalu, tun ɗazu kake kare su. Ba kai ne kake raba wa mutane mahaɗin rajista suna biyanka kamasho ba?

Auwalu: Ina rabawa, ban taɓa ɓoyewa ba. Abin da nake amfani da shi nake tallatawa.

Sadiq: Shi ya sa bakinka ba zai faɗi laifinsu ba. Ni dai dokata ɗaya ce: mai lasisi mai ƙarfi kuɗinka ba ya ciwon kai.

Malam Bashir: Ba haka kai tsaye ba, Sadiq. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Switzerland ya daina riƙe farashin kuɗinsa a kan yuro, washegari dillalin Alpari UK ya durƙushe, kuma yana ƙarƙashin FCA. Lasisi bai hana faɗuwa ba, ya dai sa an sami hanyar bin haƙƙi. Batun "ba la'ada" kuma, a yi lissafi. A lot 0.1 na EUR/USD, pip ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin motsin farashi, dala 1 ne. In tazarar saye da sayarwa pip 1.8 ce, ka biya dala 1.80 kenan. Wani mai tazarar 0.2 da la'adar dala 7 a kowane lot, dala 0.90 zai ci maka. A ciniki 100, dala 180 ne da dala 90. Amma in mai arahar yana cika maka oda da zamewar pip 3, arahar ta tafi. Ka gwada farashin da ka danna da wanda aka cika maka a ciniki 20, ka ga ko zamewar kullum gefen asararka take yi.

Rabi'atu: Malam, ai lokacin fitar manyan labarai kowa yana zamewa.

Malam Bashir: Gaskiya ne, shi ya sa na ce a duba gefen. Ta gaskiya takan faɗo maka da riba wani lokacin.

Nasiru: Na duba. Seychelles ne, kuma akwai sharaɗin lot 25. Na yi 6. Har yanzu ban janye kalmata ba.

Auwalu: To a taƙaice, an tabbatar ba wanda ya saci kuɗin Nasiru, bonas ya karɓa bai karanta ba. Mai son dillalin da ke biya cikin awa 48 ya yi mini magana.

Sadiq: Ba haka Malam ya ce ba. Kai naka a wace ƙasa yake da rajista?