Ba kowane jan fuska bayan cin titus ba ne alaji

Abin da na tsinta daga wata hira da aka yi jiya: kifin titus ko tuna in ya kwana ba ƙanƙara, ƙwayoyin cuta suna juya sinadarin histidin na namansa ya koma histamin, sinadarin da ke jawo alamu irin na alaji, kuma suya ko banda ba sa kashe histamin ɗin, wari ma ba lallai ka ji ba, sai dai yaji-yaji a baki. Cikin minti 10 zuwa awa guda fuska ta yi ja, kai na sarawa, duk waɗanda suka ci a tire ɗaya suna kuka tare. Maganin antihistamin yakan wadatar, gobe ka ci sabo lafiya lau.

Alaji kuwa kai kaɗai yake kamawa, ko kifin sabo ne, kuma kusan duk ci sai ya dawo. Numfashi na sarƙewa ko leɓe ya kumbura? Asibiti kawai, kar a tsaya tantancewa.