Me kuke rubutawa a jikin imel idan za ku tura CV?

Ɗan Singa:
Assalamu alaikum. Tun da na gama bautar ƙasa na tura takardun neman aiki sun kai ashirin, ko sau ɗaya ba a kira ni ba. Abin da nake yi shi ne in kwashe rabin CV ɗin in zuba a jikin imel: makarantar da na yi, shekarar da na gama, inda na yi bautar ƙasa. Yanzu wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano na neman mai kula da sito, kuma aikin ya kwanta mini ƙwarai. Shekara 4 na yi a shagon kawuna a Kasuwar Singa, amma layi ɗaya tal wannan ya ci a CV. Don Allah waɗanda suka dace, me kuka rubuta?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Ni layi ɗaya na rubuta, cewa ga takarduna a haɗe, kuma na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi. Babu mai lokacin karanta dogon bayani. CV ake buɗewa, shi ke nan.

Anti Mai Tantancewa:
Baban Khalifa, a kan tsawo ka yi gaskiya, amma ban yarda cewa ba a karantawa ba. Na yi shekaru ina tace takardun masu neman aiki a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Idan saƙonni suka taru, a waya nake fara duba su, kuma abin da idona ke fara kamawa shi ne kan saƙon da layuka biyu ko uku na farko. A nan nake yanke shawarar in buɗe CV yanzu ko in bari sai anjima, kuma anjimar nan ba kullum take zuwa ba. Ina kyautata zaton makarantarku na cikin matsin neman malami ne, masu nema kuma ba yawa.

Ɗan Singa, CV na faɗin inda ka zauna, ba ya faɗin abin da ya faru da kake wurin. Aikin imel ke nan. Koma ka karanta sanarwar, ka nemo abin da suka fi nanatawa. Me suka ce suna so?

Ɗan Singa:
Anti, sau biyu suka ambaci ƙidayar kaya da lura da ranar lalacewa. Sun kuma ce a iya Excel.

Anti Mai Tantancewa:
To, ka taɓa cin karo da kayan da wa'adinsu ya wuce a shagon kawu? Ba ni labarin yadda za ka ba ni da baki.

Ɗan Singa:
Sosai ma. Da na fara, idan mota ta sauke madara da taliya, yara sai su jibge sabbin katan a bakin ƙofa, tsofaffin na can ƙurya. Wata rana muka janye jeri na baya, muka tarar da katan 12 na madara wa'adinsu ya wuce, kwalin ƙasa ma ya jiƙe ya manne da siminti. Kawu bai ce uffan ba, ya dai zauna yana kallonsu. Daga nan na riƙa rubuta ranar lalacewa da babban alƙalami a gefen katan ɗin da ke kallon hanya, na ɗora kayan a kan katako, na sa mai gajeren wa'adi a gaba. Na buɗe jadawali a Excel da nake dubawa duk Asabar, duk abin da ya rage masa wata 2 in gaya wa kawu a karya farashi. A shekarata ta ƙarshe katan 2 kawai muka yi asara.

Anti Mai Tantancewa:
Ka ga imel ɗinka nan, kana zaune a kansa. Da Turanci za ka rubuta tunda da shi aka yi sanarwar, amma ga ƙashin bayansa:

"Ina neman aikin mai kula da sito da kuka sanar. Na ga kun ba lura da ranar lalacewar kaya muhimmanci. A shagon sari da na yi shekara 4 a Kasuwar Singa, mun taɓa asarar katan 12 na madara a lokaci guda. Na sauya jerin kaya yadda mai gajeren wa'adi ke fara fita, na kuma riƙa bin ranakun a Excel duk mako, har asarar ta sauka zuwa katan 2 a shekara. A Kano nake zaune, zan iya farawa nan take. CV ɗina na haɗe."

Sai sunanka da lambar waya. Ban sa makaranta ba, ban sa bautar ƙasa ba, domin suna cikin CV. Ban kuma ce kai mai ƙwazo ne ko mai amana ba. Kowa na faɗin haka, shi ya sa ido ke tsallake shi. Ga yadda za ka gwada: cire sunan aikin, ka ga ko saƙon zai shiga wa kowane kamfani. Idan zai shiga, ba ka rubuta komai ba tukuna. Sannan adadin katan ɗin da ka sa ya zama wanda kawu zai amsa idan aka kira shi, domin a ganawa a kansa za a tsare ka.

A kan saƙon kuwa, ka kwafi sunan aikin yadda yake a sanarwar harafi da harafi, har da lambar gurbin idan sun bayar. Da shi muke tace akwati.

Na Maraɗi:
Mu nan da na nemi shiga gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, takarda na rubuta da hannu da Faransanci, na manna mata tambur, na kai da ƙafata. Ku kula da gaisuwar ƙarshe, manya na dubanta sosai.

Baban Khalifa:
Malam, waccan takardar hukuma ce, tana da ƙa'idarta. Shi imel yake tambaya. Amma ka tuna mini: idan sanarwa ta nemi wasiƙa daban, sai a haɗa ta daban, imel ba ya maye gurbinta.

Maman Ilham:
Ni kuskurena ba a rubutun yake ba. Hoton CV na ɗauka da waya na tura, sunansa `IMG-20240312-WA0007.jpg`, rubutun duk ya dushe. Wata ƙawata ce ta sa na mayar da shi PDF mai ɗauke da sunana. Yanzu kaina nake fara tura wa, in buɗe a waya in gani.

Anti, tambayata daban ce. Shekara 3 na zauna gida bayan haihuwa, giɓin a fili yake a CV. In faɗa a imel ko in yi shiru?

Anti Mai Tantancewa:
Ni zan faɗa a jimla ɗaya, bayan labarin aikin, ba tare da neman afuwa ba: kin tsaya renon yara, yanzu kin shirya dawowa. Idan mai tacewa ya ga giɓi babu bayani, shi zai cike shi da zatonsa.

Baban Khalifa:
Anti, a nan kam mun rabu. Uwargidana ta rubuta hakan sau biyu, shiru. Da ta cire aka kira ta, a gaban kwamiti ta yi bayani suka gamsu. Akwai masu ganin kalmar yara su ajiye takarda.

Maman Ilham:
Abin da nake tsoro ke nan. Gurbi biyu nake nema a wannan makon, ɗaya a asibiti mai zaman kansa, ɗaya a makaranta. Zan faɗa a na makarantar, ɗayan in bari sai an tambaya.

Ɗan Singa:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Na kira kawu don in tabbatar da lissafin, ya ce katan 14 ne, domin akwai 2 da muka gano washegari a bayan buhunan sukari. Na gyara. Ranar Alhamis suke rufe karɓa, gobe da safe zan tura in sha Allahu.