Jirgin ya gudu ne, ko umarni ya bi?

Mai hoton biki: Ina so jama'a su sani cewa zancen jirgi marar matuƙi yana komawa gida da kansa yaudarar 'yan kasuwa ce. Jiya a gefen duwatsun Shere na kewaya da nawa bayan wani dutse, rimot ya daina kama shi, ya gudu, sai tarkacensa na tsinto.

Injiniya: Malam, Allah ya mayar da alheri, amma kalmar gudu ba ta dace ba. Tunda ka ce mini manhajar tuƙi ta ArduPilot ce a cikinsa, idan sadarwa ta yanke yakan hau zuwa tsayin da ke cikin saitin `RTL_ALT`, sannan ya miƙe ɗoɗar zuwa inda ka tayar da shi, ba ya kauce wa komai. Asalin adadin 1500 ne, kuma da santimita ake lissafinsa, wato mita 15 daga wurin tashi. Idan dutsen ya fi haka, jirginka gida ya nufa, dutse ya tare shi. Da ka sa 4000, da ya hau mita 40 kafin ya juyo.

Ɗan Bukuru: Duk abin da ya bar mai shi ba da izini ba ya gudu, Injiniya. Ƙurar hunturu ce ta toshe rediyon, kuma kowa ya san wanda ya sayar masa abokinka ne.

Injiniya: Dutse ne ke tare siginar 2.4 GHz, ƙura ba ta kai nan ba. Batun abota kuwa, ban taɓa ɓoye shi ba.

Hajiya mai safiyo: Ni nawa gudun gaske ya yi. An saita risibarsa ta riƙe umarnin ƙarshe, saboda haka kwakwalwar jirgin ba ta ma san an rabu ba, ya ci gaba da tafiya har batir ya ƙare. Tun daga ranar nake cire farfela, in kunna shi a ƙasa, in kashe rimot, in ga ko Mission Planner, manhajar da ake saita jirgin da ita a kwamfuta, zai nuna cewa rediyo ya yanke.

Ɗan Bukuru: Kun ji, Hajiya ma ta ce gudu.

Mai hoton biki: Ni dai ba wanda ya gaya mini akwai wata lamba da ake canzawa.

Shugaban zaure: A taƙaice, an tabbatar cewa jiragen nan suna gudu, kamar yadda na sha faɗa tun da na rasa nawa, kuma Hajiya ta ba da shaida. Injiniya ya kawo wasu lambobi, mai bukata ya neme shi a keɓe.