Wasiƙar neman ganawa da malamin da ke duba memuwar

Ɗalibar masta, Tawa: Assalamu alaikum. Malamin da ke duba memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala masta, yana zaune a Yamai, ba ya zuwa Tawa sai lokacin da yake da darussa a nan, kuma na kammala babi na biyu amma na tsaya cik a kan takardar tambayoyin da zan fita da ita ƙauyuka. Ina son in rubuta masa in nemi ganawa, sai dai wata yayata ta ce idan ɗalibi ya ambaci rana da sa'a ga farfesa ya yi rashin kunya. Waɗanda suka riga mu, yaya kuka yi?

Ɗalibin doktora, Yamai: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tawa wasiƙar da Faransanci na rubuta ta, amma ga abin da ta ƙunsa. A kan take na sa neman ganawa game da babi na uku, tare da sunana da shekarar karatuna, domin malamin yana da ɗalibai da yawa. Bayan gaisuwa na ce na gama tattara bayanai, na haɗa babin mai shafi 28 da wasiƙar, kuma abin da nake bukata shi ne ya yanke hukunci ko in ci gaba da tsarin da muka amince da shi ko in raba babin gida biyu. Sannan na ce minti 30 zai wadatar, na kawo Talata 14 ga Mayu da ƙarfe 10, ko Alhamis 16 da ƙarfe 4 na yamma, ko Litinin 20 da safe, na rufe da cewa idan babu wanda ya yi masa daidai zan bi duk lokacin da ya ga dama. Ya zaɓi Alhamis a layi ɗaya.

Tsohon ɗalibi, Ƙonni: Ni a ganina wasiƙa ba ta da amfani a wannan lamari, domin ranar sutunansi, wato ranar kare kundin, hukumar sashe ce ke tsayar da ita bayan an haɗa alƙalai, ɗalibi ba shi da ta cewa.

Ɗalibar masta, Tawa: Yaya, ban kai ga sutunansi ba tukuna. Ganawar duba ci gaban aiki nake nufi.

Malamin jami'a, Yamai: Ƴata, yayarki tana da gaskiya ta fuska ɗaya: ɗalibin da ya rubuta cewa zai zo biro gobe da ƙarfe tara ya ba da umarni ne. Amma wasiƙar da ta fi wahalar da ni ita ce mai cewa a duk lokacin da malam ya samu sarari, domin ta ɗora mini aikin buɗe jadawali da neman gurbi, kuma irinta ce nake ajiyewa sai an jima har in manta. Idan aka ba ni lokuta biyu ko uku a ranaku daban-daban, nan take nake amsawa. Abin da ya fi lokacin muhimmanci shi ne a aiko rubutun tun da wuri, ranar farko da aka ambata ta kasance aƙalla mako guda bayan aikowa, in ba haka ba za mu zauna ina karanta shafi na farko ɗalibi yana kallona. A naki lamarin, ki aiko takardar tambayoyin kanta, ki faɗi inda kika tsaya, misali ko da Hausa za a yi tambayoyin a fassara daga baya, da adadin gidajen da kike shirin zagayawa. Ki guji Juma'a bayan sallah, kuma ki tuna cewa a watan Yuli wasu manyan malamai suna tafiya taron CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, inda ake duba takardun ƙarin girma.

Ɗaliba mai aikin gwamnati, Tawa: Nawa malamin ma a Yamai yake, kuma tafiyar ta Ƙonni da Dogon Dutse da Doso tana cin kusan yini guda, saboda haka na rubuta hanyoyi biyu a wasiƙa ɗaya: ganawa ido da ido a makon da zai zo koyarwa, ko kira ta WhatsApp da yamma. Ya zaɓi kiran. Amma ya yi shiru kafin nan, sai da na tuna masa bayan kwana uku.

Ɗalibin doktora, Yamai: Kwana uku ya yi kusa a wurina. Ni mako guda nake jira, sannan in sake aikawa a ƙarƙashin wasiƙar farko da sababbin ranaku idan na farkon sun matso.

Malamin jami'a, Yamai: Wannan ya danganta da mutum. Ni gajeren saƙon waya mai cewa an aiko mini imel ba ya damuna ko washegari ne, amma ina da abokan aiki da ba sa son ɗalibi ya taɓa lambarsu sam. Ki tambayi waɗanda suka yi memuwar a hannunsa bara kafin ki yanke.

Ɗalibar masta, Tawa: Na gode, Malam. Zan tambayi sakatariyar sashe makon da zai zo Tawa, in zaɓi ranakun daga ciki, in haɗa da takardar tambayoyin in aika gobe in Allah ya yarda.