Ɗan wasana yana sulɓi a ƙasa maimakon gudu, ina gyaran yake?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan gem na tsalle-tsalle a Godot 4. Na zana gudun ɗan wasan a Aseprite, firam 8, kowanne fiksel 32 a tsaye 32 a kwance, na jera su a hoto ɗaya. Saurinsa a cikin kod fiksel 120 ne a sakan. Da na bar zanen a 5 FPS ɗin da na tarar, wato firam 5 a sakan, sai ya zama kamar mai tafiya a kan santsi. Na kai 10, bai daina sulɓin ba. Na kai 24, ƙafafun suka haukace. Wace lamba ce daidai? Ko zanen ne bai yi ba?

Ɗan Gaggawa: Wa alaikumus salam. Firam 8 sun yi kaɗan, ɗan'uwa. Sikirin yana sabunta hoto sau 60 a sakan, kai kuma kana ba shi zane 10, dole ido ya ga gibi. Ka ƙara su kai 16 sannan ka ɗaga FPS, za ka ga ya yi laushi.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗan Gaggawa, ƙarin firam zai sa motsin ya yi laushi, wannan gaskiya ne, amma ba zai hana sulɓin ba. Mai firam 16 ma zai iya sulɓi, mai 6 kuma ya taka ƙasa daram. Ciwon yana tsakanin tafin ƙafa da ƙasa.

Ƙanena, ka lura da wani abu. A cikin zanenka ɗan wasan ba ya gaba, a wuri ɗaya yake, ƙafarsa ce take ja da baya. Injin ne yake tura jikin gaba. To idan jiki ya yi gaba da fiksel 12 a lokacin da firam ɗaya yake kan sikirin, amma ƙafar da ke ƙasa ta ja baya da fiksel 4 kawai a zane na gaba, sauran 8 ɗin nan su ne sulɓin da kake gani. Saboda haka babu wata lambar FPS da take daidai ga kowa. Zanenka ne da saurinka za su ba ka ita.

Kafin mu ci gaba, koma Aseprite ka danna F3 domin ka ga inuwar firam na baya a kan na yanzu. Ka nemo firam ɗin da ƙafa ta fara sauka, ka ƙirga fiksel nawa tafin ya matsa baya a firam na biye. Ka faɗo min lambar. Sannan ka duba ko ka taɓa `scale` na `AnimatedSprite2D`. In ka ninka girmansa, fiksel ɗaya na zane ba ɗaya ba ne a filin wasa, sai an ninka lissafin shi ma.

Mai Tsohuwar Waya: Ni ma nawa haka yake yi idan na sa shi a waya, sai ya riƙa cijewa yana tsallake. Rage girman hoton bango na yi ya ɗan samu sauƙi. Wataƙila wayarka ce ba ta ɗauka.

Sabon Shiga: A'a malam, a kwamfuta nake gwadawa, kuma gem ɗin ba ya cijewa. Yaya Tsohon Hannu, na ƙirga: fiksel 4 ne. `scale` kuma ban taɓa ba, yana 1.

Tsohon Hannu: Madalla, to ga amsar ta fito. Lissafin gajere ne:

```
FPS = sauri / matsin tafi a firam ɗaya
120 / 4 = 30
```

Wato da wannan zanen, sai ka kai 30 FPS kafin ƙafa ta kama ƙasa. Firam 8 a 30 FPS za su ƙare a ƙasa da sulusin sakan, taku bakwai da rabi ke nan a kowane sakan. Mai gudu na gaske wajen taku uku yake yi a sakan. Shi ya sa tun a 24 ka ga ƙafafun sun haukace, alhali ba su ma cimma jikin ba. Takun da ka zana ne ya yi ƙanƙanta ga saurin da ka ba shi, tafiyar sauri ka zana, ba gudu ba.

Hanya biyu ce. Ko ka rage saurin, ko ka buɗe takun. Rage sauri ya fi sauƙi, amma in ka riga ka gina matakan wasan, ka sani nisan tsalle ya dogara da wannan saurin, ramukan da ake tsallakewa yanzu za su gagara. Ni dai zanen zan gyara, in nufi fiksel 8 a kowane firam, domin 120 a raba da 8 ya ba da 15 FPS. Zagaye ɗaya zai ɗauki rabin sakan da ɗan ɗori, taku kusan huɗu a sakan. Ya fi na mutum sauri kaɗan, amma ga ɗan gajeren ɗan wasa mai gajerun ƙafafu yana dacewa.

Ga yadda zan raba firam huɗu na ƙafar dama. A na farko tafin ya sauka fiksel 8 gaban tsakiyar jiki, ɗayar ƙafar tana baya a lanƙwashe. A na biyu nauyi ya sauka a kanta, gwiwa ta lanƙwasa, tafin yana daidai ƙarƙashin jiki, kai ya yi ƙasa da fiksel ɗaya ko biyu, ɗayar ƙafar tana wucewa gaba. A na uku ƙafar ta miƙe tana ture ƙasa da yatsu, fiksel 8 bayan tsakiya, jiki ya fara tashi. A na huɗu babu ƙafar da ke taɓa ƙasa, kai yana mafi tsayinsa. Wannan na huɗun shi ne ya raba gudu da tafiya, kuma ina kyautata zaton babu shi a zanenka. Firam na 5 zuwa na 8 maimaici ne da ƙafar hagu. Ka sa ƙafa da hannun da ke can nesa su fi duhu kaɗan, in ba haka ba ido zai ɗauka ƙafa ɗaya ce take ta harbawa. Hannu kuma kishiyar ƙafa yake bi, dama gaba, hannun hagu gaba.

15 tana da wani amfanin. A sikirin mai sabuntawa sau 60, kowane zane zai zauna sau 4 cif. 10 da 12 da 20 su ma suna raba 60 ba saura. Amma 24 ɗin da ka gwada, wani zanen zai zauna sau 2, wani sau 3, sai ka ji ɗan ɗingishi ko da zanen lafiya lau ne.

Mai Fensir: Malam ya gama magana a kan lissafi, amma bari in sa baki a matsayina na mai zane. Taku huɗu a sakan ya yi min hanzari in ana son ɗan wasan ya yi nauyi. Abin da nake yi shi ne in tsawaita firam ɗin sama, na 4 da na 8. A Godot 4 kowane firam yana da `Frame Duration` nasa, kuma ninki ne, ba sakan ba. In ka mai da waɗannan biyun 2, zagayen ya zama kamar firam 10 a 15 FPS, kashi biyu cikin uku na sakan, taku uku cif. Kuma ba a ƙara sulɓi ba, tunda lokacin da aka ƙara ƙafa ba ta ƙasa. Kada dai a tsawaita firam ɗin da tafi ke ƙasa, shi ne yake ɓata lissafin.

Sannan gargaɗi, domin na ga ya ci mutane da yawa: lokacin da ka saita wa kowane firam a Aseprite, wanda yake farawa a 100 ms, ba ya bin hoton PNG. Hoton zane ne kawai. Sai ka sake saitawa a Godot da hannunka. In kana son ka ga yadda 15 FPS zai kasance tun kana zanen, sa firam ɗin a 67 ms.

Tsohon Hannu: Malama, dabarar tana aiki, ban musa ba. Abin da ya sa ba na yawan yin ta, idan an ninka firam ɗin sama, ɗan wasan yakan zama kamar yana shawagi, kuma a gem ɗin tsalle ina son mai wasa ya bambance gudu da tsalle da kallo ɗaya. In zan yi, 1.5 zan sa.

Mai Fensir: 1.5 kuma zai ba ka sau 6 a sikirin, yana raba daidai, ban ƙi ba. Amma ni ban ga shawagin ba in an bar ƙafa fiksel biyu kawai sama da ƙasa. Ya gwada duka biyun ya gani da idonsa.

Ɗan Gaggawa: To in haka ne ai da lissafin nan sulɓi ya ƙare gaba ɗaya ke nan?

Tsohon Hannu: Bai ƙare ba, ya dai ɓuya. Jikin yana matsawa fiksel 2 a kowane bugu cikin 60 na sakan, zanen kuma yana tsaye har bugu 4, don haka tafin yana ɗan zamewa gaba sannan ya koma wurinsa. Ido ba ya kama wannan. Abin da yake kamawa shi ne zamewar da take taruwa ta gefe ɗaya. A nan ne ƙarin firam ɗinka zai yi amfani, 16 a 30 FPS zai rage zamewar da rabi, sai dai aikin zanen ya ninka.

'Yar Kwas: Tunda ana maganar, nawa matsalar daban ce. Lissafina ya yi daidai amma ɗan wasan yana karkarwa hagu da dama yana gudu. Ashe wajen fitar da hoton na kunna `Trim Cels`, aka yanke gefen kowane firam gwargwadon zanensa, sai Godot ya yanka su daidai wa daida, tsakiyar ta riƙa motsi. Sabon Shiga, duba faɗin hotonka. Firam 8 na fiksel 32 dole ya zama 256 a kwance, 32 a tsaye, in ba ka sa tazara tsakaninsu ba. In ka ga wata lamba daban, an yanke.

Sabon Shiga: 256 ne, alhamdu lillahi. Na sake zana huɗun farko, tafin yana matsa fiksel 8 a kowane firam, a 15 FPS ƙafar ta kama ƙasa. Saura abu ɗaya: ɗan wasan ba ya kai 120 nan take, a hankali yake ɗaukar sauri, to a farkon gudun ƙafafu suna riga jikin.

Tsohon Hannu: Ɗaura saurin zanen a kan saurin jikin. Sa wannan bayan `move_and_slide()`, lokacin da yake gudu kawai:

```
var rabo = abs(velocity.x) / 120.0
$AnimatedSprite2D.speed_scale = clamp(rabo, 0.5, 1.0)
```

Na tsayar da ƙasan a 0.5 ne saboda ƙasa da haka firam ɗin sama zai daɗe har a ga mutum rataye a iska. Kuma `speed_scale` yana shafar duk motsin da ke kan wannan `AnimatedSprite2D`, don haka ka mai da shi 1.0 idan ya tsaya ko ya yi tsalle.

Mai Fensir: Ni in ɗaukar saurin bai wuce kwatar sakan ba, ba na ma taɓa `speed_scale`, zagaye ɗaya bai cika ba an kai ƙarshen sauri. Sakan nawa naka yake ɗauka kafin ya kai 120?