Kwangilar da ba ta jin magiya

Matasa masu rubuta manhaja a Gombe sun tattauna kan smart contract, wato yarjejeniyar da ake rubutawa a matsayin manhaja a kan Ethereum, wani tsarin kuɗin intanet: da zarar sharaɗi ya cika, kuɗi ya fita da kansa, babu mai tsayar da shi.

An fi daɗewa kan The DAO, wani asusun zuba jari na haɗin gwiwa da aka gina da smart contract. A 2016 lambar manhajarta tana tura wa mutum kuɗi kafin ta rage abin da yake bi, sai ɓarawo ya riƙa maimaita cirewa har ya kwashe Ether, kuɗin Ethereum, kusan miliyan 3.6. Wannan ya fi damuna, domin kuskuren jeri ne kawai.

Shawarar da aka tsayar: a gyara lissafi tukuna, sannan a tura kuɗi. A gwada a testnet, wato Ethereum na gwaji da kuɗinsa ba na gaske ba ne, ƙwararru na waje su duba, domin lambar da aka ɗora ba ta gyaruwa cikin sauƙi.